Saƙon maraba a layin ofishin aika kaya: ta yaya zan gane ko yana sa mutane su faɗi buƙatarsu?

*Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin ofishin aika kaya a Jidda, wajen Bab Makka, muna kai wa Kano da Yamai. Na sa saƙon maraba a WhatsApp Business mai cewa: "Barka da zuwa. Muna aika kaya zuwa Najeriya da Nijar ta jirgin sama da na ruwa cikin aminci da rahusa. Muna buɗewa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 10 na dare. Mun gode da tuntuɓarmu, za mu amsa maka nan ba da jimawa ba." Sababbin mutane kamar 25 suke shigowa a rana, amma da yawa daga sallama sai shiru, sai yarona ya bi su da tambaya. Ta yaya zan auna ko saƙon yana aiki, kuma me zan gyara?*

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kafin mu shiga lissafi, koma ka karanta jimlar ƙarshe ta saƙonka. Ka ce wa mutum za a amsa masa nan ba da jimawa ba, shi kuma ya ji maganarka, ya ajiye waya yana jira. Babu inda ka tambaye shi komai a cikin layukan nan huɗu. Ina kyautata zaton nan ne babbar matsalar. Amma zato ne, kuma na sha ganin zato irin wannan ya tashi a banza da aka zo ƙirge, saboda haka bari mu bi ta hanyar da za ka gani da idonka.

Abu na farko da ke rikitar da mutane shi ne wa za a ƙirga. Saƙon da manhajar ke kira Greeting message ba ya fita sai mutum ya fara yi maka magana, kuma yana sake fita ga wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi magana ba. Ke nan kowane mutum ya riga ya rubuta wani abu kafin ya ga marabarka. Wani ya buɗe da "Salam, nawa ne kilo zuwa Kano?" Wannan ya faɗi buƙatarsa tun kafin saƙonka ya iske shi, ko da babu saƙon ma haka zai yi. In ka sa irinsa cikin lissafi, za ka bai wa saƙonka ladan aikin da bai yi ba. Wani kuma tsohon abokin ciniki ne da ya san ka ya san farashinka, shi ma ba ya gwada komai. Waɗanda saƙon zai iya yi wa tasiri su ne sababbin da suka shigo da sallama kawai, ko "Ina wuni", ko hoton gaisuwa, ba su ce komai a kan kaya ba. Su kaɗai ne za ka auna. Domin tace tsofaffi, ka ajiye lambobinsu a waya, sannan a wurin Recipients ka zaɓi Everyone not in address book, sai maraba ta riƙa zuwa ga baƙi kaɗai.

Kuma mutum ake ƙirgawa, kowa sau ɗaya. Hajiya guda tana iya turo saƙon murya bakwai a jere, wani Alhaji ya turo layi ɗaya tak, duka biyun mutum ɗai-ɗai ne a takardarka.

Sai abu na biyu, wanda na fi so ka ba shi lokaci: me ake nufi da mutum ya faɗi buƙatarsa? In ba ka yanke wannan a rubuce tun farko ba, ranar da kake cikin farin ciki za ka ga kowa ya faɗa, ranar da kasuwa ta yi sanyi ka ga babu wanda ya faɗa. Ni hawa huɗu nake amfani da su. Wanda bai sake cewa uffan ba cikin awa 24, sifili. Wanda ya amsa da gaisuwa ko godiya kawai, irin "To madalla", "Na gode", "Allah ya taimaka", shi ne 1. Wanda ya ambaci abin da ya kawo shi amma ba za ka iya ba shi farashi ba sai ka sake tambaya, misali "Ina da kaya zan aika gida", shi ne 2. Wanda ya faɗi abin da ya isa yaronka ya ba shi amsa nan take, wato irin kayan da garin da za su je da kimanin nauyi ko yawan jaka, shi ne 3. "Jaka biyu ce ta abaya da dabino, Kano za su je, kafin salla nake so su isa": wannan 3 ne cikakke. A lissafinka, 2 da 3 su ne suka faɗi buƙata, amma ka riƙa duba 3 daban, domin shi ne yake rage wa yaronka aiki.

Dalilin da ya sa na ware hawa na 1 daga sifili shi ne ciwonsu ba ɗaya ba ne. Bahaushe ba ya shiga shago ya ce a auna masa kaya kafin a gaisa. Ya yi sallama, yana jiran a amsa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, sannan ya gyara zama ya ce "dama wata 'yar magana ce ta kawo ni". Mutumin da ya tsaya a hawa na 1 ya karanta saƙonka, yana nan, ladabi ne ya hana shi zarcewa tun da ba a ba shi ƙofa ba. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya kuwa mai yiwuwa bai karanta ba, ko bai iya karanta bokon ba, ko ya gane na'ura ce ta amsa masa ya koma wani ofishin. Maganin na farko gyaran kalmomi ne. Na biyu sau da yawa kalmomi ba sa warkar da shi. In ka haɗa su wuri ɗaya ka kira su "waɗanda ba su amsa ba", ba za ka san wanne za ka yi wa magani ba.

Awa 24 ɗin nan ma da dalilinta. Mai Umara yakan yi maka sallama daga masauki a Misfala, ya sa wayar a jaka ya tafi Harami, ba zai sake duba ta ba sai bayan isha'i. Wanda ke rubutowa daga Kano yana bayanka da awa biyu. In ka yanke minti talatin, za ka rubuta wa mutane da yawa sifili alhali suna tafe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa'adin da ka zaɓa ya zama ɗaya ga kowa daga farkon gwaji zuwa ƙarshensa.

Kafin ka fara, gwada ma'aunin kansa. Ɗauki tsofaffin hirarraki talatin, kai ka ba su maki a takardarka, yaronka ya ba su a tasa, kada ku leƙa ta juna. Sannan ku haɗa. In kun saɓa a biyu ko uku, ba laifi. In kun saɓa a takwas, ma'anar hawa-hawan ba ta fito ba, ku zauna ku daidaita. Inda aka fi saɓawa shi ne "Nawa ne kilo?" ba tare da ambaton gari ba. Ni 2 nake ba shi, tun da farashin Kano da na Yamai ba lallai su zo ɗaya ba, na jirgin sama da na ruwa kuma sun bambanta. Ku yanke naku, ku rubuta a saman takarda.

Akwai wani abu da ke gurɓata awon, shi ne yaronka. Da zarar ya shiga ya rubuta "Alhaji me za a aika?", duk abin da mutumin ya faɗa bayan nan aikin yaron ne, saƙon maraba ba shi da rabo a ciki. Ba zan ce ka bar abokin ciniki yana jira don kana gwaji ba, kasuwa ta fi gwaji. Abin da za ka yi shi ne ka sa ƙa'ida ɗaya da ba ta canzawa: a bai wa maraba minti biyar, in mutum bai ce komai ba yaro ya shiga. Sai ka ƙara gurbi guda a takardar da ke nuna ko yaro ya riga mutumin magana. Wanda ya faɗi buƙatarsa bayan yaro ya tambaya, makin da yake da shi kafin shigar yaron za ka rubuta. Wannan zai rage adadin da za ka gani, amma zai rage shi daidai wa daida ga kowane saƙo da kake gwadawa, kwatancin kuma shi muke nema. Saƙonnin da suka shigo bayan ƙarfe 10 na dare su ne mafi tsabta, domin babu kowa a kan layi sai marabar. Ka dai duba ko ka kunna Away message, kada saƙo biyu su riƙa faɗa wa mutum a lokaci ɗaya ka rasa wanne ya amsa wa.

Takardar ba ta buƙatar komai mai wuya. A Excel ko Google Sheets, layi ɗaya ga mutum ɗaya: kwanan wata a gurbin A, wane saƙo ya gani a B, yadda ya buɗe magana a C, inda za ka rubuta "gaisuwa" ga wanda ya shigo da gaisuwa kawai, makinsa a D, lambar ƙasarsa a E, sai ko ya kawo kaya a ƙarshe a F. Kada ka kwafe cikakkiyar lambar wayar mutane ko sunayensu cikin takardar da za ta riƙa yawo tsakanin wayoyi. Lambobi huɗu na ƙarshe sun isa ka gane hirar. Amana ce, kuma Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Satumba na 2023. In ka kira tsohon saƙonka A, sabon da za ka gwada kuma B, wannan lissafin zai ba ka kason waɗanda suka faɗi buƙata a ƙarƙashin saƙon A:

```
=COUNTIFS(B:B,"A",C:C,"gaisuwa",D:D,">=2")/COUNTIFS(B:B,"A",C:C,"gaisuwa")
```

Yanzu sabon saƙon da za ka kara da tsohon. Ga wanda zan fara da shi a matsayinka:

"Wa alaikumus salam, sannu da zuwa, da fatan kana lafiya. Wane kaya za a aika, kuma zuwa wane gari? Misali: jaka biyu ta tufafi, zuwa Kano. In saƙon murya ya fi maka sauƙi, turo, muna saurare."

Ya fara da amsa sallama, domin sallama bashi ce, mutum ba ya sakin jiki sai an biya shi. Ya tambayi lafiya ta hanyar da ba ta neman amsa, da ka rubuta "Ya gajiya?", to amsar gajiya za ka samu, ka ƙara yawan hawa na 1 da hannunka. Tambayar kasuwa guda ce mai rassa biyu, kuma ba a binne ta a ƙarƙashin talla ba. Misalin da ke biye yana nuna wa mutum girman amsar da ake so, domin da yawa ba rowar bayani suke yi ba, ba su san me ake buƙata ba ne. Lokutan buɗewa na cire su, suna da wurinsu a bayanan kasuwancinka cikin manhajar. Ban tambayi nauyi ba tukuna da gangan: mace mai jaka uku a ɗakin otal ba ta da sikeli, in ka ce ta faɗi kilo sai ta ce bari ta nemo, daga nan ka rasa ta. Yawan jaka kowa ya san nasa. Kuma kada ka kuskura ka nemi hoton fasfo ko iƙama a saƙon farko. Mutum bai san ka ba, zai ja baya, kuma yana da gaskiya.

Ka lura da "kana" da "maka". Kusan duk ofishin aika kaya da na sani, mata suna da yawa cikin masu rubutowa. Kana iya mayar da shi jam'i, "da fatan kuna lafiya", "ya fi muku sauƙi", ya zama girmamawa ga Alhaji da Hajiya baki ɗaya. Ni na fi son haka.

Kuskuren da kusan kowa yake yi a nan shi ne ya sa sabon saƙo yau, ya jira wata guda, ya kwatanta da watan jiya. A garinku wannan ba ya aiki ko kaɗan. Mutanen da ke rubuto maka a goman ƙarshe na azumi masu Umara ne da jirginsu ya kusa tashi, suna sauri, ko me ka rubuta za su faɗi buƙatarsu. Na watan Safar mazauna ne da 'yan kasuwa masu tambayar farashi a ofis uku kafin su yanke shawara. Bayan Arfa kuma alhazai ne da kayan tsaraba da suka wuce kilon da jirgi ya yarda. In ka canza saƙo a bakin irin wannan lokaci, canjin mutane za ka auna ka ɗauka na kalmomi ne. Tun da manhajar saƙon maraba ɗaya take riƙewa a lokaci guda, mafita ita ce karɓa-karɓa: yau tsohon, ka kira shi A, gobe sabon, B, jibi A, haka har kwana 14. Ka riƙa sauyawa a lokaci ɗaya kullum, misali bayan asuba kafin a fara shigowa. Da yake kwanakin mako bakwai ne, ranar da ta faɗa wa A a makon farko za ta faɗa wa B a na biyu, sai kowane saƙo ya sami Juma'arsa ɗaya da Asabar ɗinsa ɗaya. Shi ya sa kwana 14 ko 28 suka fi kwana 10 ko 20. Ka rubuta ranar tsayawa tun kafin ka fara, ka kuma riƙe ta. Wanda yake leƙa lissafi kullum ya tsaya ranar da saƙon da yake so ya hau sama, to sa'a ya auna.

Bari mu yi misali da adadin da ka bayar, lambobin da ke ciki na ƙaddara su ne don ka ga yadda ake karantawa. Mutum 25 a rana, kwana 14, ya kama 350. A ce 130 sun faɗi buƙatarsu a saƙon farko, 20 kuma masu talla ne da waɗanda suka yi kuskuren lamba. Saura 200 da suka buɗe da gaisuwa: 98 sun faɗo a ranakun A, 102 a ranakun B. A ƙarƙashin A, mutum 39 sun kai hawa na 2 ko 3, 34 sun tsaya a gaisuwa, 25 shiru. A ƙarƙashin B, 61 sun faɗi buƙata, 17 sun tsaya a gaisuwa, 24 shiru. Wato kusan kashi 40 cikin ɗari a A, kusan kashi 60 a B. Tazarar maki 20 ce.

Shin tazarar ta isa a yarda da ita? Ko da saƙo ɗaya ka bari duk kwanakin, in ka raba mutanen gida biyu ba za su fito daidai ba, kamar yadda buhu biyu na dabino ɗaya ba sa zuwa da ƙwaya daidai. Akwai lissafin da ke nuna iyakar wannan rawar. In ka sa kason A a H1, wato 0.40 ba 40 ba, yawan mutanensa a H2, kason B a I1, wato 0.60, yawan mutanensa a I2:

```
=1.96*SQRT(H1*(1-H1)/H2+I1*(1-I1)/I2)
```

A misalinmu zai ba ka kusan 0.14, wato maki 14. Tun da 20 ta wuce 14, kana da hujjar cewa B ya fi A, ko da yake ainihin fifikon yana iya zama ƙasa da 20 ko sama da haka. Da a ce mutum 47 ne suka faɗi buƙata a B, kashi 46 ke nan, tazara maki 6, tana can cikin rawar. Wannan ba ya nufin saƙonnin ɗaya ne, yana nufin mutum ɗari-ɗari ba su isa su nuna maka ba. Ga abin da ya kamata ka riƙe game da girman kasuwarka: domin ka kama tashi daga kashi 40 zuwa 60 da kyakkyawan tabbaci, mutum kusan ɗari a kowane ɓangare sun isa. Daga 40 zuwa 55, kana buƙatar kusan 170 a kowane ɓangare, wato gwajin kwana 28. Daga 40 zuwa 45 kuwa sai kusan 1,500 a kowane ɓangare, abin da zai ci maka fiye da wata shida. Saboda haka kada ka ɓata lokaci kana gwada "sannu da zuwa" da "barka da zuwa". Ofis irin naka manyan canje-canje kawai yake iya aunawa: akwai tambaya ko babu, akwai misali ko babu, Hausa kaɗai ko Hausa da Larabci. Ƙananan abubuwa ka yanke su da hankalinka ka wuce.

Ka kuma duba kwanakin ɗaya bayan ɗaya kafin ka yarda da jimilla. In wata rana wani jagoran ayari ya raba lambarka ga mutanensa talatin, duk suka rubuto a yini ɗaya da magana iri ɗaya, wannan ranar ita kaɗai tana iya karkatar da sakamako. Cire ta ka sake lissafi. In fifikon ya tsaya, madalla. In ya ɓace, ƙara kwana 14.

Koma kan misalin ka dubi abin da bai motsa ba. Masu tsayawa a gaisuwa sun ragu daga 34 zuwa 17, masu shiru kuwa 25 ne da 24. Sabon saƙon ya buɗe wa masu ladabi ƙofa, bai taɓa masu shiru ba. A nan lissafi ya gama nasa, sai ka zauna ka buɗe hirarrakin nan 49 ɗaya bayan ɗaya. Dubi alamar da ke gefen marabar. Alama ɗaya tana nufin saƙon bai ma isa wayar ba, mai yiwuwa data ta ƙare ko an cire layin. Biyu masu toka: ya isa, amma ko ba a buɗe ba, ko mutumin ya kashe Read receipts, don haka kada ka ɗora hukunci a kansu. Biyu shuɗaye: an buɗe, an yi shiru. Sannan dubi yadda suka yi sallamar farko. Da murya suka yi ta? Da haruffan Larabci suka rubuta?

Wannan na ƙarshen na koye shi ne da tsada. A wani ofis da na taɓa riƙe wa layi, akwai wata dattijuwa da ta turo sallama da murya, maraba ta fita, ta buɗe, shiru har kwana biyu. Na rubuta mata sifili. A rana ta uku sai ga ta a ofis da jikanta yana jan akwati, tana faɗa tun daga bakin ƙofa cewa ta yi sallama an turo mata "takardar Turawa" ba a amsa ba. Hausarta tas, a Makka aka haife ta, Alƙur'ani da Larabci take karantawa, ba ta taɓa koyon boko ba. Saƙon da muka yi ta gyara kalmominsa, a idonta zane ne kawai. Da na koma na duba, da yawa daga masu shirunmu masu lambar +966 ne da suka buɗe da murya. Irin waɗannan, ko ka rubuta "turo saƙon murya" ba su gani ba, tun da a rubuce yake. Abin da ya yi mana aiki shi ne layi ɗaya na Larabci a ƙasan Hausar mai ɗauke da tambayar nan guda, da ƙa'idar cewa duk wanda ya yi sallama da murya, mutum zai amsa masa da murya ba tare da jiran minti biyar ba. Gurbin lambar ƙasa a takardarka don wannan yake: ka ware +966 da +234 da +227 da +249 ka ga ina shirun ya taru. Sai dai da ka raba mutum ɗari gida huɗu, kowane gida ya yi ƙanƙanta, abin da ka gani alama ce ta abin da za ka gwada a zagaye na gaba, bai kai hukunci ba.

Akwai dabarar da za a ba ka shawara a kanta, ta jera zaɓi: 1 farashi, 2 bin sawun kaya, 3 adireshi. Tana ɗaga yawan masu amsawa, domin danna lamba ɗaya ba wuya. Amma wanda ya turo "1" bai gaya maka kaya ko gari ba, hawa na 2 ne mai rauni, kuma mai buƙatar da ba ta cikin jerin, kamar wanda yake so a zo a ɗauki kaya daga masaukinsa a Makka, yakan ɗauka ba kwa yi. In za ka gwada ta, hawa na 3 za ka zuba wa ido. Haka nan in kana raba mahaɗin wa.me mai ɗauke da rubutu a shirye, kamar "Ina so in aika kaya", ka sani waɗannan kalmominka ne, mutumin danna su kawai ya yi. Ka ba su nasu suna a gurbin C, kada su shiga cikin waɗanda suka faɗi buƙata da bakinsu.

Gurbin F shi ne mai tsaron sauran. Saƙo yana iya sa mutane su yi magana ya kuma kore su, musamman in ya yi kama da tambayar jami'i a bakin iyaka. Bayan mako biyu da rufe gwaji, koma ka cika wa ya kawo kaya aka ɗora a sikeli. Adadin zai yi kaɗan, ba zai isa lissafin da muka yi a sama ba, amma in ka ga B ya fi yawan masu magana sannan masu kawo kaya sun ragu ƙwarai, dakata ka karanta hirarrakin kafin ka tabbatar da shi. In kuwa sun yi daidai ko sun ƙaru, B ya zama sabon A. Zagaye na biyu ka canza abu ɗaya kawai, ni da layin Larabcin zan fara, ka kuma sa kwanakinsa 14 ko 28 su faɗa gaba ɗaya cikin lokaci iri ɗaya, ko dai kafin azumi ya kama ko bayan alhazai sun watse.